Yadda ake duba rubutun da aka sauya wa salo ko har yanzu maganar asali yake faɗa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina aiki da wata ƙungiya mai wayar da kai kan lafiyar yara. Ana ba mu sanarwa cikin Hausa irin ta ofis, wani abokin aikina ya mayar da ita Hausar rediyo mai daɗin ji, ni kuma aka ce in riƙa dubawa kafin a naɗa. Ina karanta biyun in ji kamar duk ɗaya ne, amma hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi in tabbatar ma'ana ba ta karkace ba, ba a ƙara komai ba, ba a kuma zubar da wani abu ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan jin da kike yi cewa duk ɗaya ne, shi ne abu na farko da zan roƙe ki ki daina yarda da shi, kuma ba don ba ki iya karatu ba. In kin karanta na asali sannan kika wuce na biyu, na asalin yana nan zaune a kanki, to duk inda na biyun ya bar giɓi ke da kanki za ki cike shi ba tare da kin sani ba. Matar da za ta ji saƙon a rediyo tana tsakar gida tana aiki ba ta taɓa ganin na asali ba, abin da aka faɗa kawai za ta ɗauka. Na daɗe ina aikin tace rubutu da fassara, kuma yawancin kuskuren da ya taɓa wuce ni ta nan ya wuce, na karanta biyun a jere na ce ai lafiya lau.

Bari in kawo miki wani da na taɓa dubawa, kusan irin naku ne, a kan gudawar yara da ORS, wato garin maganin nan na gishiri da sukari da ke zuwa a ƙunshi, a narka shi a ruwa. Zan rubuto shi yadda nake tuna shi. Na asalin ga shi:

"Gudawa na iya jawo ƙarewar ruwa a jikin yaro, musamman ɗan ƙasa da shekara 5. Ana shawartar iyaye su narka ƙunshi ɗaya na ORS a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa. A zubar da abin da ya rage bayan awa 24. ORS ba ya tsayar da gudawa, yana mayar da ruwa da gishirin da jiki ya rasa ne. A haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 a kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, miligiram 10 ga jariri ɗan ƙasa da wata 6. Zink kan rage tsawon ciwon da tsananinsa. A ci gaba da shayarwa da ba da abinci. Idan an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da duk abin da ya sha, a garzaya asibiti."

Wannan bayanin daidai yake da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar tare a 2004, sai dai a bushe yake, in aka karanta shi haka a rediyo rabin mutane sun murɗa tasha. Aka ba wani matashi mai baiwar magana, ya dawo da wannan:

"Iyaye mata, ku saurara! Amai da gudawa na kashe yara cikin ƙanƙanin lokaci. Amma kada ku damu, magani na hannunku. Ku jiƙa ruwan gishiri da sukari a ruwa mai tsafta, kamar leda biyu ta fiya wata, yaro ya shanye. Likitoci sun tabbatar yana maganin gudawa. Ku haɗa masa da ƙwayar zink ɗaya kullum har ya warke, don zink na kawar da ciwon. Kada a daina ba shi nono. In jiki ya yi tsanani, akwai jini a kashi kuma ya kasa sha, sai a kai shi asibiti."

Wallahi ya yi daɗi, duk wanda ya ji a ofis ɗin sai da ya yaba. Kuma in kika bi shi sama-sama komai na ciki, ga ruwan sha, ga zink, ga nono, ga asibiti. To ga yadda nake yi.

Da farko nakan kifar da sabon rubutun, ba na ko kallonsa. In ɗauki na asali shi kaɗai da biro, in ɓare shi magana-magana, kowace magana guda a layinta da lambarta. Ba jimla-jimla ba fa, don jimla ɗaya tana iya ɗaukar magana uku. Abin da nake kira magana guda shi ne duk abin da mutum zai iya cewa "gaskiya ne" ko "ba haka ba ne" a kansa, ko kuma umarni guda da za a iya bi ko a ƙi bi. Jimlar zink ɗin nan kaɗai magana uku ce: miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14 ko da ciwon ya tsaya, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata 6. Jimlar ƙarshe ita ma uku ce, don alamomin haɗari uku ne kuma kowacce ita kaɗai ta isa a tafi asibiti. Da na gama ɓarewa sai na samu magana 16. Dalilin kifar da sabon kuwa, in kika fara karanta shi, daɗinsa zai ja ki, ki dinga ɓare na asalin ta yadda zai dace da shi.

Sai in juyo da sabon, in ɗauki lamba ɗaya in je nemanta, in na same ta in ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka ɗauke ta in rubuta lambar a gefe. Dole yatsana ya taɓa kalmar. In na ji kaina yana cewa "ai an fahimta" ko "ai kusan haka ya ce", to ba ta nan ke nan. A wancan rubutun, cikin 16, guda ɗaya tak ce ta iso lafiya, wato a ci gaba da shayarwa. Shida sun ɓace gaba ɗaya: 'yan ƙasa da shekara 5, zubarwa bayan awa 24, cewa ruwa da gishirin jiki ake mayarwa, rabin ƙwaya ga jariri, ci gaba da ba da abinci, da alamar amayar da komai. Sauran tara suna nan amma kowacce ta ɗan juya. Wanda ya rubuta bai yarda ba sai da na ajiye masa takardar a gabansa da lambobinta, kuma ba rashin gaskiya ne da shi ba, shi ma na asalin na zaune a kansa.

Waɗanda suka ɓace su ne masu sauƙin kamawa. Masu juyawar nan ne nake so mu daɗe a kansu, don a nan Hausa ke da nata tarkon, kuma ƙananan kalmomi ne suke ɗauke da nauyin.

Dubi "na iya jawo" da ya koma "na kashe". Na farko yiwuwa ce, na biyu hukunci ne. Dubi "zink kan rage tsawon ciwon" da ya koma "zink na kawar da ciwon". A nan sau biyu aka yi tsalle: "kan" na nufin abin da aka saba gani, ba kullum ba, ya faɗi, sannan "rage" ya zama "kawar". Mai sauya salo kusan kullum sama yake hawa da magana, ba ya sauka, don "kan" da "na iya" da "wani lokaci" da "ɗan" suna sanyaya jimla, shi kuma zafi yake nema. Shi ya sa nakan ce a duba matakalar nan a kowace magana: mai yiwuwa, na iya, kan, yawanci, kullum. Haka wasu, da yawa, akasari, duk. Haka kuma yana da kyau, ana shawarta, ya kamata, dole. Ki tambayi kanki a kan wane mataki na asali ya tsaya, a kan wane sabon ya tsaya. In ba ɗaya ba ne to an sauya magana ko da duk sauran kalmomin suna nan.

Amma a ƙarshen rubutun sai ga shi an sauka, a daidai inda bai kamata a sauka ba. "A garzaya asibiti" ya koma "sai a kai shi asibiti", gaggawar ta tafi. Kuma mafi muni, "ko" ya koma "kuma". Na asali ya ce jini, ko kasa sha, ko amayar da komai, kowanne shi kaɗai. Sabon ya ce akwai jini kuma ya kasa sha, wato sai sun haɗu, ya kuma ɗora wani sharaɗi a sama wanda babu shi a asali, "in jiki ya yi tsanani". To uwa ta ga jini a kashin ɗanta amma yana shan ruwa yana wasa, bisa abin da rediyo ya gaya mata lokacin tafiya bai yi ba. Harafi biyu ya koma huɗu, ba wanda ido zai tsaya a kai in ba nemansa ake ba. Tun daga wannan aikin duk inda na ga jerin sharuɗɗa sai na zagaye kowane "ko" da "da" da "kuma" da "sai dai" da "in ba" da jan biro a rubutun biyu in ƙirga su.

Akwai kuma "a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan" da ya koma "yaro ya shanye". Kin san bambancin sha da shanye, kamar ci da cinye, kamar zuba da zube. Wannan ƙarshen kalmar shi ke cewa a ƙarar da abu duka. Lita guda ga yaro ɗan shekara ɗaya a zama guda, amai zai yi, uwar ta ce maganin bai karɓe shi ba ta daina. Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi kamar rubu'in kofi zuwa rabin kofi, mililita 50 zuwa 100, bayan kowace gudawa, da cokali a hankali. Marubucin bai yi nufin a ɗura wa yaro ba, "shanye" kawai ta fi zama a bakinsa a ƙarshen jimlar. Sannan "har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya" ya koma "har ya warke", wanda kishiyarsa ce ma, don gudawar takan tsaya cikin 'yan kwanaki, kuma duk dalilin rubuta "ko da" shi ne kada a tsaya a nan, cikasa kwanakin ne ke taimaka wa yaro ya samu kariya a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Adadi in ya koma siffa, goma ta zama "'yan kwanaki", awa 24 ta zama "in ya jima", ki ɗauka ya ɓace ne, kada ki ba shi rabin maki.

Sai musanya suna, wanda shi mutane suka fi yi min gardama a kai. "Gudawa" ta koma "amai da gudawa" saboda bakinmu ya saba haɗa su, amma a kunnen Bahaushe amai da gudawa sunan annobar nan ce ta kwalara, ba zawon da yaro ke yi yau da gobe ba. Uwar da ɗanta ke zawo ba amai za ta ce ba da ita ake ba. Shi kuma ORS ya koma "ruwan gishiri da sukari", kuma gaskiya ne haka mutane da yawa ke kiransa, sai dai kalmar "ƙunshi ɗaya" ta faɗi a hanya, to me zai hana mace ta ɗebo gishirin miyarta da sukarin shayi ta haɗa da ƙiyasin hannu? Gishiri in ya yi yawa a irin wannan ruwan cutar da yaro yake yi. Ba wai kada a yi amfani da sunan da mutane suka sani ba ne, a yi, amma a tambaya wane abu ne zai zo a ran mai sauraro in ya ji sunan, shin shi ne abin da na asali ke nufi ko maƙwabcinsa.

To duk wannan tafiya ɗaya ce, daga asali zuwa sabo, kuma ba ta kama ƙari. Ƙari sai kin juyo. Bayan kin gama ja wa sabon rubutun layi, ki dubi duk inda ya rage fari babu layi babu lamba, ki tambayi kowace kalma: ke daga ina? A namu, ga abin da ya rage fari: "ku saurara", "iyaye mata", "cikin ƙanƙanin lokaci", "kada ku damu, magani na hannunku", "leda biyu ta fiya wata", da "likitoci sun tabbatar yana maganin gudawa".

Ba duka ne laifi ba, kuma nan ne ake buƙatar hankali, don in kika ce duk ƙari a cire to kin mayar da rubutun bushewarsa ta farko, aikin abokinki ya tashi a banza. "Ku saurara" ado ne, ba ya da'awar komai, a bar shi. "Iyaye mata" kuwa ya taƙaita, na asali iyaye ya ce, kuma a gidaje da yawa uba ne ke da kuɗin sayen maganin da izinin fita asibiti, in aka cire shi daga kiran an rage wa saƙon ƙarfi. "Kada ku damu" kamar lallashi ne amma a cikinsa akwai da'awa, cewa abin ba na damuwa ba ne, alhali ƙarshen sanarwar na cewa wani lokaci na gudu ne zuwa asibiti. "Likitoci sun tabbatar" shi ne wanda ba na yi wa sassauci ko kaɗan. Na asali cewa ya yi "ana shawartar", bai ambaci kowa ba, kuma Hausa na ba mu wannan damar ta "a" da "an" da "ana" mu yi magana ba tare da mun faɗi mai yi ba. Mai gyaran salo sai ya ji wurin ya yi fayau ya cusa likitoci ko masana ko malamai ko gwamnati. An jingina wa mutane maganar da ba su faɗa ba, kuma a nan maganar ma kishiyar ta asali ce, don asali ya ce ƙarara ba ya tsayar da gudawa. Uwa ta ba da ruwan, gudawa ba ta tsaya ba, ta ce ƙarya ne, gobe ba za ta ƙara saya ba. Akasin haka ma na faruwa, musamman a labarai: asali ya ce "wai" ko "a cewar kakakin" ko "ana zargin", sabon ya share su don jimla ta miƙe, zargi ya zama tabbas a bakin gidan rediyonku.

Na fiya wata shi ne ya fi ba ni sha'awa, don ƙari ne mai amfani. Lita ba ma'aunin tsakar gida ba ce, kuma ledar da aka fi sayarwa a Najeriya rabin lita ce, biyu sun ba da lita. Amma akwai masu zuba fiye da haka, akwai masu ragewa, kuma ba kowane ƙunshin ORS ne na lita guda ba, akwai na rabin lita, abin da ke jikin takardar shi ake bi. Irin wannan ba ni ke yanke hukunci ba, ba kuma marubucin ba. Nakan sa masa alama in mayar wa mai sanarwar, wato ma'aikacin lafiyar da ya rubuta ta asali, in ce mun ƙara kaza, ka amince? In ya amince ya zama nasa. Ko da kin san abu gaskiya ne, in babu shi a asali sai an nemi izini, saboda sunan ƙungiyarku za a ji a ƙarshen saƙon, ba naki ba. Haka nan in kika ga kamar na asalin ne ma ke da kuskure ko harshen damo, kada ki gyara a ɓoye cikin sabon, ki koma wurin mai shi.

Dangane da abin da aka zubar ma haka ne. Saƙon minti ɗaya ba zai ɗauki komai ba, dole wani abu ya sauka. Abin da nake nema shi ne a san an sauke shi, da gangan, ba faɗuwa ya yi ba. Ma'aunina shi ne: wanda ya ji sabon kaɗai, zai aikata wani abu dabam da wanda ya karanta na asali? "Musamman ɗan ƙasa da shekara 5" in ya tafi, uwa ba za ta yi komai dabam ba, ana iya haƙura da shi. Miligiram ma ana iya mayar da shi ƙwaya ɗaya da rabin ƙwaya, tunda wadda ake rabawa yara yawanci mai miligiram 20 ce, in mai sanarwar ya tabbatar ita ce ke hannun mutanenku. Amma rabin ƙwaya ga jariri, da awa 24, da alama ta uku, in suka tafi aikin hannun uwa ya sauya, waɗannan ba sa sauka ko da za a rage gaisuwa da kiɗa.

Ga yadda muka daidaita a ƙarshe, ni da shi muka zauna, kuma na bar masa muryarsa iyakar iyawa:

"Iyaye, ku saurara! Gudawa na iya ƙarar da ruwan jikin yaro. Ku samo ƙunshin ORS, a narka guda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan duk sanda ya yi gudawa. In ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo. Ba tsayar da gudawar zai yi ba, ruwa da gishirin da jiki ya rasa yake mayarwa. A haɗa da zink, ƙwaya ɗaya kullum, jaririn da bai kai wata 6 ba rabin ƙwaya, har kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya kada a fasa, don zink kan rage tsawon ciwon da tsananinsa. Nono da abinci kada a daina. Amma fa in kun ga ɗaya daga cikin ukun nan, jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko da guda ɗaya ce, a garzaya asibiti."

Kin ga "ɗaya daga cikin ukun nan" da "ko da guda ɗaya ce" babu su a asali a matsayin kalmomi, haka "a haɗa sabo". Na farkon biyu ba sabuwar magana suka kawo ba, "ko" ɗin nan suka tokare don kada ya sulale a kunne, na ukun kuma mun tambaya an amince.

Tunda naku na rediyo ne akwai wani abu da takarda ba za ta nuna miki ba. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, to jimla kamar "yaro ya sha" tana iya zama labari, ya riga ya sha, tana iya zama umarni, a sa shi ya sha, sai mai karantawa ya zaɓa da bakinsa. Haka in an buga rubutun a waya babu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ sun zama k da d da b, mai naɗa murya yana iya kama wata kalmar dabam. Saboda haka dubawa ba ta ƙare ba sai kin saurari abin da aka naɗa da takardar lambobinki a hannu. Na sha ganin mai gabatarwa ya ƙara nasa gishirin a gaban makirfo bayan an gama tacewa.

Gwajin da na fi yarda da shi kuma ba ya cin ko sisi. Ki samu wadda ba ta taɓa ganin na asali ba kuma ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, maƙwabciya ko mai sayar da ƙosai a bakin layi, ki kunna mata sau ɗaya kamar yadda rediyo zai yi. Kada ki ce "kin gane?", kowa zai ce ya gane don kunya. Ki ce: Iya, in jikanki ɗan wata huɗu ne, ƙwaya nawa za ki ba shi? In zawon ya tsaya rana ta uku fa? In kin ga jini amma yana shan nono lafiya, me za ki yi? Tambayoyin daga takardar lambobinki za ki ciro su, musamman waɗanda suka shafi adadi da sharaɗi. Mutum uku ko huɗu sun isa ki ga inda ake tuntuɓe. Lokacin da muka gwada rubutun rediyo na farko da matashin nan ya kawo, amsar tambayar jini da muka samu ita ce a ɗan dakata a gani, kuma wannan amsar ce ta kashe gardamar da muke yi a ofis.

Wani zai ce miki ai kwamfuta na yi. A manhajar rubutu ta Word akwai Compare, wato kwatanta rubutu biyu, a ƙarƙashin Review, a Google Docs akwai Compare documents a ƙarƙashin Tools. Suna da amfani sosai in gyaran kaɗan ne, ko kuma in kina so ki ga abin da aka taɓa tsakanin kwafin da kika amince da shi jiya da wanda aka kawo yau. Amma in an sake salo gaba ɗaya, komai zai fito a soke, "ko" da ya zama "kuma" ya nutse cikin sauran canje-canjen da ba su da illa. Kalma suke kwatantawa, ba su san wace ce mai nauyi ba.

In wata rana ke ce kika sauya salon da kanki, kada ki duba a ranar, ki bari ya kwana, kuma ki ɓare na asalin tun kafin ki fara rubutawa. In kuma na abokin aikinki ne, kada ki je masa da "ka canza ma'ana", zai ji kamar kin ce bai iya ba, alhali baiwarsa ce ta sa ake sauraron saƙon. Ki je da takardar, ki ce lamba 9 ban same ta ba, nuna min inda take, lamba 14 da 15 sun manne, ya za mu raba su ba tare da jimlar ta yi nauyi ba? Yawanci shi zai samo mafitar da ta fi taki daɗi. Sakin layi guda irin wanda na kawo miki yakan ci min kamar minti 30 zuwa 40 daga ɓarewa har juyowa, ban da gwajin kunne, to in an kawo miki shafi biyar an ce nan da awa ɗaya, ki gaya musu tun da wuri ba zai yiwu ba, ko kuma ki fara da jimlolin da ke da adadi, da sharaɗi, da "kada", da sunan wanda aka jingina wa magana, ki rubuta a saman takardar cewa iyakar abin da kika duba ke nan.